Awa 72 bayan kwalbar ƙarshe: yadda barin giya farat ɗaya ke kai mutum ga jijjiga da ɗimuwa

Akwai wata magana da likita ke faɗa wa mashayi wadda 'yan uwansa ba sa son ji ko kaɗan. Mutum ya shekara goma sha biyar yana shan giya kullum, an yi nasiha an yi faɗa har an gaji, yau ya buɗe baki da kansa ya ce ya bari, sai likita ya ce masa: "Kada ka yanke ta kai kaɗai a gida, ka zo mu yanke ta tare." Wanda ya ji wannan daga nesa zai ɗauka likitan na ɗaure wa shaye-shaye gindi ne. Amma likitan yana tsoron wani abu ne da ya sha gani da idonsa. Giya tana cikin 'yan tsirarun kayan maye da barinsu kwatsam kan iya kashe mutum. Mai shan hodar hirowin idan ya bari yana shan azaba, amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi kamar ransa zai fita, amma da wuya barin ya zama ajalinsa. Giya da ƙwayoyin sa barci su ne masu wannan mugun hali.

Ba kowane mai sha ne wannan ta shafa ba. Wanda ke sha jefi-jefi, ko ya bugu ranar hutu ya wayi gari da ciwon kai, zai iya bari yau ba abin da zai same shi. Maganar ta wanda jikinsa ya riga ya dogara da ita ce, wanda ke sha da yawa kusan kullum tsawon watanni ko shekaru. Ko a cikin waɗannan, kimanin rabi ne ke ganin alamu idan sun bari, akasari karkarwa da gumi da rashin barci na 'yan kwanaki. Daga cikin masu alamun, kamar mutum 3 zuwa 5 cikin 100 ne abin ke kai su ga jijjiga ko ɗimuwa. Adadin ƙarami ne. Matsalar ita ce a safiyar farko wanda zai sha da sauƙi da wanda zai kai bakin kabari kamanninsu ɗaya ne.

Don a gane dalili sai an leƙa cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin jijiyarta suna aika wa juna saƙo ne da sinadarai, kuma biyu daga ciki su ke riƙe da ragamar komai. Ɗaya ana kiransa GABA, aikinsa ya ce wa jijiya ta lafa. Ɗayan gulutamet ne, shi ke zaburar da ita. Mu ɗauki ƙwaƙwalwa a matsayin doki: GABA shi ne linzami, gulutamet shi ne ƙaimi. Mai lafiya yana tafiya daidai ne saboda ja da sukar sun daidaita.

Giya tana taɓa su duka biyun a lokaci guda. Tana ƙara wa GABA ƙarfi a inda yake sauka a jikin jijiya, wato ta ja linzami, sannan ta toshe wata ƙofa da gulutamet ke shiga, wadda ake kira NMDA, wato ta dakushe ƙaimi. Shi ya sa wanda ya sha harshensa ke nauyi, ƙafarsa ta riƙa harɗewa, damuwarsa ta kwanta, ƙarshe barci ya kwashe shi. Idan na dare ɗaya ne, gari na wayewa komai ya koma mazauninsa.

Amma idan linzamin ya zauna a jaye dare da rana, ƙwaƙwalwa ba ta zuba ido. Dole ta ci gaba da aiki, mutum ya tashi, ya yi tafiya, ya nemi abinci. Sai ta shiga gyara kanta. Ta rage yawan wuraren da GABA ke sauka, ta sauya fasalin waɗanda suka rage yadda ba sa jin umarni sosai. A ɗaya gefen kuma ta ƙara yawan ƙofofin gulutamet. Dokin ya koyi tafiya da linzami a jaye ta hanyar ƙara fizga. Wannan ne ya sa za ka ga mutum ya shanye abin da zai kwantar da mutum uku, shi kuwa yana zaune garau yana lissafi. Mutane na cewa yana da ƙarfin kai. Gaskiyar ita ce ƙwaƙwalwarsa ta gina sabon ma'auni, kuma giya na cikin duwatsun da ke kan ma'aunin.

To yanzu a cire giyar. Hanta tana share ta daga jini cikin awanni, bai fi yini guda ba. Gyaran da ƙwaƙwalwa ta shafe watanni tana yi kuwa kwanaki yake buƙata kafin ya warware. A wannan tazara tsakanin awanni da kwanaki duk haɗarin yake. Linzami ya tsinke, ƙaimi ya ninku, doki kuma ya saba fizga. Jijiyoyi su shiga harba saƙo ba mai tsawata musu. Sashen da ke sakin sinadaran firgici irin su adirenalin shi ma ya ɓalle, sai zuciya ta kama gudu, jini ya hau, gumi ya karyo, hannu ya kama rawa. Idan ƙwayoyin jijiya masu yawa suka harba tare a lokaci ɗaya, wannan ita ce jijjiga. Idan kuma hargitsin ya daɗe ya mamaye sassan da ke riƙe da hankali da sanin wuri da lokaci, wannan ita ce ɗimuwa.

Abin mamaki, an daɗe ba a yarda barin giyar ne ke kawo ciwon ba. Wani likitan Ingila, Thomas Sutton, shi ya raɗa wa wannan ɗimuwa mai haɗe da karkarwa suna diliriyum tirimens a 1813, amma fiye da shekara 100 bayansa likitoci na ta jayayya. Wasu na cewa gubar giya ce, wasu na cewa yunwa ce da rashin bitamin, wasu ma na cewa mutum ya daina sha ne saboda ciwon ya riga ya kama shi. A 1953 wasu likitocin jijiya biyu, Maurice Victor da Raymond Adams, suka bi marasa lafiya a wani asibiti a Boston ta Amurka suka nuna alamun na bin jeri ne, ana ƙirgawa daga lokacin da aka daina sha. A 1955 Harris Isbell da abokan aikinsa a Lexington ta jihar Kentucky suka kashe gardamar da wani gwaji da a yau ba hukumar da za ta yarda a yi shi. Sun ba mutum goma, waɗanda a da suke shan mofin, giya mai yawa kullum tare da abinci mai kyau da bitamin, wasunsu har kwana 87, sannan suka yanke. Waɗanda suka bari da wuri sun tsaya a karkarwa da gumi. Cikin waɗanda suka daɗe suna sha aka samu masu jijjiga da masu gane-gane da ɗimuwa. Cikinsu a ƙoshe yake, don haka ba a iya ɗora laifin a kan yunwa ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi awa-awa. Magidanci ne ɗan shekara 46, yana shan kwalba goma ta giya a rana, kowace rabin lita, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Kowace kwalba na ɗauke da kusan giram 20 na tsantsar barasa, ke nan giram 200 a yini. Hantar babban mutum na ƙona abin da bai wuce giram 7 zuwa 10 a awa ba. Idan ka ninka da awa 24 za ka ga abin da yake zubawa ya yi kusan daidai da iyakar abin da hantar ke iya kwashewa. Ma'ana jininsa kusan bai taɓa zama babu giya ba tsawon shekaru. Yana kuma da wata ɗabi'a da ya kamata a lura da ita: ba ya iya riƙe kofi da safe sai ya ɗan kurɓa. Wannan kurɓar ta safe ita ce shaida mafi ƙarfi cewa jiki ya dogara, domin abin da yake magancewa da ita alamun bari ne da suka taso cikin dare.

Daren Lahadi da ƙarfe goma ya sha ta ƙarshe, ya yi rantsuwa ya gama. Asubahin Litinin, awa bakwai ko takwas da bari, ya farka jiƙe da gumi, zuciya na dukan uku-uku, tashin zuciya, hannu na rawa har maɓallin riga ya gagare shi. Ya daure. Matarsa ta ji daɗi, ta ce ai dauɗar ce ke fita. A nan akwai wani abu da ke ruɗa mutane: ba sai giya ta ƙare ƙaf a jini alamu ke farawa ba. Faɗuwar ce ke tayar da su. Da za a auna jininsa a wannan safiyar, ana iya samun sauran giya da za ta sa wanda bai saba ba tangaɗi, shi kuwa har ya fara karkarwa.

Da la'asar ɗin Litinin, awa 18 da bari, yana tsaye yana magana sai ya yi wata ƙara ya sandare ya faɗi. Jiki ya ƙage, sannan hannu da ƙafa suka shiga fizga, ya ciji gefen harshe, fitsari ya kuɓuce masa. Abin bai kai minti biyu ba. Haka jijjigar barin giya take: tana zuwa tsakanin awa 6 zuwa 48, ta fi yawa wajen awa 12 zuwa 24, tana kama jiki gaba ɗaya, gajeriya ce, kuma sau da yawa ba ta yin sallama. Tana iya zuwa wa mutumin da karkarwarsa ma ba ta yi tsanani ba. Wani sau ɗaya take masa, wani ta maimaita biyu ko uku cikin 'yan awanni.

Abin da na kusa zai yi a wannan minti biyun kaɗan ne. A janye abin da zai buge shi, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a duba agogo, fizgar na lafawa a juya shi ya kwanta ta gefe don kada amai ko yawu su bi hanyar numfashi. Ba a danne shi, ba a cusa masa cokali ko yatsa a baki, ba a ɗura masa ruwa. Mutum ba ya haɗiye harshensa, amma ana karya masa haƙori da cokali, ana kuma shaƙe shi da ruwa. Idan ta wuce minti biyar, ko ta dawo bai farfaɗo ba, rai ne ke kan siraɗi. Ko ma ta tsaya da kanta, asibiti za a nufa a ranar.

Mutumin namu ba a kai shi ba. Bayan rabin awa ya dawo hayyacinsa, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, gajiya ce. Kuma a nan ne, a ganina, aka fi yin asarar rayuka. Jijjigar ta wuce, kowa ya sauke ajiyar zuciya, alhali ita ce gargaɗi mafi girma da jiki zai bayar. A tsofaffin nazarce-nazarcen da aka yi kafin a samu magani mai kyau, kusan mutum ɗaya cikin uku da suka yi jijjigar bari sun zarce zuwa ɗimuwa.

Daren Litinin bai runtsa ba. Ya ce wa matarsa yana ganin wasu ƙwari na bin bango, yana jin kamar ana kiran sunansa a waje. Amma da ta tambaye shi, ya san a ɗakinsa yake, ya san ranar, har ya ce ya san ƙwarin ba na gaske ba ne. Wannan gane-gane da hankali a jiki kan zo tsakanin awa 12 zuwa 24, kuma shi kaɗai bai zama ɗimuwa ba tukuna. Bambancin na da amfani ga mai jinya: a tambayi mutum ina yake, yau wace rana, wane ne wannan. Muddin yana amsawa daidai, ba a kai can ba.

Talata ta zo da ɗan sauƙi na yaudara. Ya ɗan ci abinci, ya zauna a waje. Daren Laraba, awa 72 da kwalbar ƙarshe, abin ya juye. Ya daina gane matarsa, yana kiranta da sunan wata. Ya ce ɗakin cike yake da macizai, yana tsintar wasu abubuwa daga jikin bargo yana yarwa, yana neman ƙofa wai ana jiransa a wurin aiki. Jiki zafi rau, gumi kamar an watsa masa ruwa, karkarwa har gado na motsi. Ya ɗan lafa minti goma kamar zai yi magana mai ma'ana, sai ya sake ɓallewa. Wannan ita ce diliriyum tirimens. Takan fara tsakanin awa 48 zuwa 96, ta fi tsananta da dare, takan ɗauki kwana biyu zuwa uku, wani lokaci har mako. Saboda ta zo kwana uku bayan an daina sha, 'yan uwa da yawa ba sa haɗa ta da giya sam. Sai a ce taɓin hankali ne, a kulle mutum a ɗaki ko a ɗaure shi, wanda kuwa ke fama da igiya zafin jikinsa ƙaruwa yake, tsokarsa na lalacewa.

Ruɗewar da kanta ba ita ke kisa ba. Abin da ke tafe da ita ne. Zafin jiki na iya haura digiri 40. Gumi da amai da saurin numfashi na ƙarar da ruwan jiki lita-lita. Gishirin jini irin su fotashiyam da maganiziyam, waɗanda dama sun yi ƙasa a jikin mashayi, su ƙara faɗuwa, zuciyar da ke gudu 130 a minti ta rikice ta daina bugu daidai. Amai ya shiga huhu ya zama nimoniya. Ko mutum ya fita da gudu daga abin da yake gani ya faɗa inda ba a so. Kafin zamanin magungunan yanzu, a wasu asibitoci har kusan mutum ɗaya cikin uku na masu wannan ɗimuwa ke mutuwa. Da kulawar asibiti ta yau adadin ya sauko ƙasa da 5 cikin 100.

Ƙaninsa ne ya kai shi sashen gaggawa cikin dare. Likita ta dube shi ta tambaya, "Malam, yayan naka yana shan giya?" Ƙanin ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a likita, ai ya bari." Ta ce, "Yaushe?" Ya ce, "Tun Lahadi." Wannan kalma ɗaya ta fi duk wani gwajin jini amfani a daren. Kunya ta sa iyalai da dama ke tsayawa a "ba ya sha", kuma wannan rufin asirin na iya cin awanni ana neman ciwon a inda ba ya nan. Haka ke faruwa da wanda aka ba gado don karaya ko tiyata, bai gaya wa kowa yana sha ba, a kwana na uku ya tashi yana fizge robar ƙarin ruwa. Shi bai yi niyyar bari ba ma, gadon asibiti ne ya yanke masa.

Abin da asibiti ke yi, in an taƙaita, shi ne mayar da linzamin da ya tsinke sannan a sassauta shi a hankali. Ana amfani da magungunan da ke aiki a wurin da GABA ke sauka, wato inda giya ke aiki, dangin benzodayazifin kamar dayazifam da kulodayazifokzayid da lorazifam. Dayazifam na daɗewa a jiki, shi da abin da hanta ke mayar da shi, kwana da kwanaki suna raguwa sannu-sannu. Wannan saukowa a hankali ita ce ke ba ƙwaƙwalwa lokacin warware gyaran da ta yi. An tabbatar da fifikonsu tun 1969, lokacin da Samuel Kaim da abokan aikinsa suka gwada magunguna daban-daban a kan marasa lafiya sama da 500 a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka. Waɗanda aka ba kulodayazifokzayid su suka fi tsira daga jijjiga da ɗimuwa. Waɗanda aka ba kulofuromazin, maganin taɓin hankali mai kwantar da mutum, su suka fi kowa yin jijjiga, har sun zarce waɗanda ba a ba maganin gaske ba. Darasin na nan har yau: kwantar da mutum daban, maganin abin da ke damun ƙwaƙwalwarsa daban. Hatta fenitoyin, sanannen maganin farfaɗiya, gwaje-gwaje sun nuna ba ya hana jijjigar barin giya dawowa, domin ba ya taɓa inda matsalar take.

Sai mutum ya ce, to tunda an san maganin, me zai hana a saya a sha a gida? Amsar tana cikin adadi. Ba wanda ya san nawa wannan ƙwaƙwalwar ke buƙata sai an gwada an gani. Wani ƙwaya kaɗan ta ishe shi, wani mai ɗimuwa sai an ba shi abin da ya ninka haka sau goma ko fiye a yini guda kafin ya lafa. Adadin da bai ko girgiza wannan ba zai iya tsayar da numfashin wancan, musamman idan da sauran giya a jini, ko ya koma ya sha a kai, ko yana da ciwon huhu. Mai ciwon hanta kuma ba ya iya narkar da dayazifam da kyau, sai ya taru a jikinsa ya dulmiyar da shi, shi ya sa ake sauya masa da lorazifam, haka ma tsofaffi. Likita na bayarwa ne kaɗan-kaɗan, a jira, a duba, a ƙara, ana neman mutum ya kwanta cikin natsuwa amma in an kira sunansa ya buɗe ido. Ana ƙirga numfashinsa, ga iskar oksijin a kusa. Idan maganin ya gaza, a koma fenobabital, wani maganin sa barci da hana jijjiga, ko a wuce da shi ɗakin kulawa ta musamman.

Akwai ma'aunin da ma'aikatan jinya ke amfani da shi, CIWA-Ar, wanda aka wallafa a 1989 daga Toronto. Abu goma ake dubawa: tashin zuciya, karkarwa, gumi, fargaba, rashin natsuwa, ciwon kai, abin da mutum ke ji a fata, abin da yake ji a kunne, abin da yake gani, da ko ya san inda yake. Jimillar maki 67 ce. Ƙasa da 8 abu ne mai sauƙi, daga 15 zuwa sama haɗari ya ƙaru. Nas za ta ce masa, "Miƙo hannuwanka, ware yatsu," ta duba rawar, ta taɓa goshi, ta rubuta, bayan awa ɗaya ta dawo. Makin ya hau a ba da magani, ya sauka a dakata. Amma ma'aunin na da iyaka babba: yana buƙatar wanda zai iya amsa tambaya. Ga mutumin namu da ya riga ya ɗimauce ba shi da amfani, sai dai a bi bugun zuciya da zafin jiki da yadda yake fizge-fizge. Da ya zo safiyar Litinin, da wannan takardar da 'yan ƙwayoyi a kan lokaci wataƙila sun wadatar, ba a kai ga jijjigar ba balle daren Laraba.

Kafin a ɗaura masa ruwa mai sukari, ko tare da shi, an yi masa allurar tayamin, wato bitamin B1. Jiki ba ya ajiye wannan bitamin fiye da na mako biyu zuwa uku, giya na hana hanji tsotse shi, mashayi kuma ba ya cin abinci sosai. Ƙwaƙwalwa na buƙatarsa don ƙona sukari, saboda haka idan aka yi ta zuba sukari babu shi, ɗan ragowar ya ƙare, wasu sassa su lalace. Wannan shi ne ciwon da Carl Wernicke ya bayyana a 1881: ruɗewa, ido na rawa ko ya ƙi juyawa, tafiya da tangaɗi. Kaɗan ne ke nuna alamun uku a tare, kuma a cikin mai ɗimuwa ba a iya rarrabewa, don haka ake ba kowa ba tare da jiran tabbaci ba, kuma ta allura, tunda hanjin ba abin dogaro ba ne. Idan aka makara, mutum na iya warkewa daga ɗimuwar ya tashi da ciwon Korsakoff, ya kasa riƙe sabon abu a kansa har abada, ka gaishe shi yanzu bayan minti biyar ya sake tambayar ko kai wane ne.

Wani aikin da ba a iya yi a gida shi ne tabbatar da cewa barin giyar ne kaɗai. Mashayi na yawan faɗuwa, jininsa ba ya saurin daskarewa, jini na iya taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kai ya kawo jijjiga da ruɗewa iri ɗaya. Sukari na iya faɗuwa ƙasa, sanƙarau na iya zuwa da zazzaɓi da sambatu, hanta da ta gaza na sa mutum ruɗewa, ita kuwa maganin barci ƙara dagula ta yake. Sau da yawa ma wani ciwon ne ya fara hana mutum sha, barin ya hau kansa. Shi ya sa ake huda yatsa a auna sukari nan take, a ɗebi jini, a saurari huhu. Jijjigar da ta kama gefe ɗaya na jiki, ko ta zo bayan awa 48, ko mutum ya ƙi farfaɗowa bayanta, ko akwai rauni a kai, duk suna sa likita ya nemi hoton ƙwaƙwalwa maimakon ya ce giya ce kawai.

Ba kowane mai son bari ne sai an ba shi gado ba. Wanda alamunsa masu sauƙi ne, bai taɓa jijjiga ko ɗimuwa ba, ba shi da wani babban ciwo, ba ya haɗawa da ƙwayoyin barci, kuma akwai mai hankali da zai zauna da shi, ana iya yi masa yana gida, yana zuwa a duba shi kullum ana ba shi maganin kwana ɗaya-ɗaya. Mai ciki, da tsoho, da mai ciwon zuciya ko hanta ko farfaɗiya, da wanda ke zaune shi kaɗai, asibiti ya fi musu. Wanda kuma jikinsa ya dogara amma ba zai samu ganin likita yau ba, abin da likitoci ke cewa shi ne kada ya yanke farat ɗaya kafin ya samu ganin. Ragewa a hankali da giyar kanta ta fi yankewa aminci, sai dai hanya ce mai santsi, domin ana neman wanda ya kasa riƙe ma'auni ne ya zama mai awo.

Tambayar da ta fi kowace nauyi a wurin likita ita ce ko an taɓa yi a baya. A 1978 James Ballenger da Robert Post suka kawo bayanin cewa kowane zagaye na bari da komawa yana barin ƙwaƙwalwa cikin saurin kamawa fiye da da, kamar itacen da ya taɓa cin wuta aka kashe. Wanda ya yanke sau biyar da ƙarfin hali ya koma sau biyar, na shidan na iya zuwa da jijjiga ko da yawan shansa bai ƙaru ba. Wannan na cikin dalilan da nake ganin yabon "ya taɓa bari da kansa, ai zai iya" kuskure ne. Tarihin nan hujja ce ta a ƙara sa ido a kansa.

Mutumin namu ya yi barci mai nauyi ranar Asabar, ya farka ya gane matarsa, ya tambayi abin da ya kawo shi asibiti. Bai tuna komai na kwana ukun ba sai gutsi-gutsi kamar mafarki. Rashin barci da fargaba za su bi shi makonni, kuma jinyar wannan makon ba ta magance sha'awar giyar ba, wannan wani aiki ne daban da ke da nasa magunguna da nasa zama da masu ba da shawara. Kafin a sallame shi likitar ta sa aka rubuta a katinsa cewa ya yi jijjiga a awa 18 da ɗimuwa a awa 72, ta ce wa matar, "Duk asibitin da aka kai shi nan gaba, ko don ciwon haƙori ne, ki fara nuna musu wannan. In kuma ya koma sha, kada ki ɓoye kwalbar ki kulle ƙofa. Ki kawo mana shi."